Ku cire jawabin dattijon nan daga wasan ambaliya

Edita, barka da aiki.

Na saurari gajeren wasan kwaikwayon da kuka sa a makon jiya, na iyalin da ruwa ya shigar musu gida cikin dare. Na daɗe ina rubuta wa ɗalibaina irin waɗannan wasanni, shi ya sa na kasa yin shiru.

Farkon wasan ya burge ni. Babu wanda ya buɗe baki ya ce an yi ambaliya. Ƙarar bokiti muka ji yana kartar siminti, sai muryar wani maƙwabci yana cewa a kashe wutar lantarki kafin kowa ya sa ƙafa a ɗakin. Matar gidan kuwa ba ta bi ta kan katifa ba, takardun haihuwar yara take nema. Da ta same su sun manne da juna, maƙwabciyarta ta ce kada ta ja, su ɓare su a hankali su shanya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya rubuta wannan ya taɓa kwashe ruwa a ɗaki.

Sai ga wani dattijo, wanda ko tsintsiya bai ɗauka ba, ya shafe kusan minti biyu a wasan minti bakwai yana bayanin falalar taimakon maƙwabci. Nan wasan ya mutu. Gane irin wannan ba wuya: ɗan wasa ya daina magana da na gabansa, ya juyo kanmu da "jama'a" da "ya kamata". Ni idan ina shakkar wata magana, share ta nake yi in sake karantawa. In labarin bai rasa komai ba, wa'azi ce ta saɗaɗo.

Abin da aka bari a ƙasa shi ne kunyar mai gidan. Magidanci bai cika son a ga gazawarsa ba, kuma a nan ne alheri ke buƙatar dabara. Da ni ne, haka zan rufe:

MAI GIDA: Ka bar shi kawai, za mu san yadda za mu yi.
MAƘWABCI: Ni fa roƙonka na zo yi. Ɗakin nan nawa na waje ba kowa a ciki, ɓeraye sun addabe ni. Ku zauna min a ciki kafin naku ya bushe.
MAI GIDA: (shiru) Ɓeraye ka ce?
MAƘWABCI: Manya-manya. Kawo yaron in riƙe maka, ka ɗauko jakar.

Daga nan sai takun ƙafa a cikin ruwa, a rufe.

Dattijon ma ba sai an kore shi ba, muryarsa tana da daɗi. In za ku maimaita wasan, ku ba shi fitila ya haska wa masu kwashe kaya.

Naku,
Wani malamin makaranta mai sauraronku