Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu: gem biyu, suna ɗaya

Assalamu alaikum, abokan cinikinmu masu daraja.

A watan da ya wuce an dawo mana da faifan Resident Evil 4 na PS4 har sau biyu, kuma magana ɗaya aka yi mana: "Ba wannan na gani a bidiyo ba." Faifan lafiyarsa ƙalau. Laifin namu ne, don ba mu tambayi wanne ake so ba, alhali gem biyu ne daban ke ɗauke da wannan suna a kan PS4. Muna ba da haƙuri. Da wannan gem ɗin za mu yi muku bayanin kalmomi uku da kuke yawan ji a bakinmu, wato fot, rimasta da rimek, domin shi kaɗai ya bi ta dukkan ukun.

Kamfanin Capcom ya fitar da shi a watan Janairun 2005 a kan GameCube. A Oktoban shekarar aka kai shi PlayStation 2. Wannan shi ne fot: a ɗauki gem ɗin da aka rubuta wa wata na'ura a daidaita shi ya yi aiki a kan wata. Kamar mai tashi daga gida ne zuwa wani gida. Kayan ɗakinsa dai su ne, amma idan sabon ɗakin ya fi ƙanƙanta, dole wani abu ya kwana a waje. Haka ta faru a nan. PS2 bai iya ɗaukar duk abin da GameCube ke zanawa ba, sai aka rage kyawun haske da ƙananan zane-zanen jikin mutane da itatuwa. Wuraren da labari ke tafiya da kansa kuwa, GameCube yana zana su ne nan take, a PS2 sai aka ɗauke su a matsayin bidiyo. Wanda ya buga zai tuna alamar: ka sauya wa Leon, jarumin gem ɗin, kaya, amma da bidiyon labari ya fara sai ka gan shi cikin kayansa na asali. Sai dai an rama wa masu PS2 da ƙarin babi mai suna Separate Ways, inda ake buga Ada Wong, wanda babu shi a GameCube.

To kun ga fot ba alkawarin ƙarin kyau ba ne. Na kwamfuta da ya fito a 2007 ya yi ƙaurin suna: ba a iya saita bindiga da maus, kuma ya zo da haske a dusashe sai da aka yi masa gyara daga baya. Na Wii kuwa, a shekarar dai, mutane da yawa sun fi son sa saboda ana nuna allo kai tsaye da abin riƙewa. Gem ɗaya ne, aikin daidaitawar ne ya bambanta.

Rimasta shi ne a bar ginin yadda yake a yi masa yaɓe da fenti. Tsohon tsarin gem ɗin yana nan, ɗakuna da abokan gaba da yadda ake sarrafa mutum duk ba a taɓa su ba. Abin da ake ɗagawa shi ne tsaftar hoto da santsin motsi, wani lokaci da sauti. A 2011 aka fitar da na HD a PS3 da Xbox 360. A 2014 aka yi na kwamfuta mai suna Ultimate HD Edition, wanda ke iya nuna hoto 60 a sakan ɗaya maimakon 30 na asali. A 2016 aka kawo shi PS4 da Xbox One a 1080p, sannan Switch a 2019. Kada ku wahalar da kanku wajen raba fot da rimasta a nan, domin na PS4 ɗin duka biyun ne: gyararren tsohon gem ne da aka sake ɗauka zuwa sabuwar na'ura. Mu kanmu mukan yi gardama a shago kan sunan da ya dace da shi.

Iyakar rimasta ita ce ba ya ƙirƙiro abin da babu. Fuskokin da aka ƙera don na'urar 2005 suna nan da kusurwoyinsu, babban talabijin ma sai ya ƙara tona su. Bidiyoyin Separate Ways, da yake an yi su ne da ƙaramin hoto don PS2, za ku ga sun yi hazo-hazo kusa da sauran gem ɗin. Ba faifanku ne ya karce ba. Haka kuma Leon ba ya tafiya yana harbi. Da ya ɗaga bindiga ƙafarsa ta kafe. Wani matashi ya zo mana da fad ɗinsa yana cewa sandar hagu ta mutu, ashe gem ɗin ne haka aka gina shi tun farko, kuma abokan gaban ma an tsara saurinsu ne a kan hakan.

Rimek kuwa rushewa ake yi a sake gini a kan tsohon fili. Wanda ya fito a Maris 2023 an rubuta shi ne daga tushe a kan injin RE Engine. Labarin dai shi ne, Leon ya je wani ƙauye a Sifen ceto Ashley, 'yar shugaban Amurka, amma wasan ya sauya. Yanzu yana tafiya yana harbi, yana tare sara da wuƙa, wuƙar kuma tana lalacewa sai an kai wa ɗan kasuwan cikin gem ɗin gyara. An cire mafi yawan wuraren nan da ake cewa ka danna maɓalli da sauri ko ka mutu. An sake fasalin wasu wurare, wasu an zubar da su gaba ɗaya. Separate Ways da ke cikin tsohon kyauta, a sabon daban aka sayar da shi a Satumbar 2023. Inda ka tsaya a tsohon ba zai buɗe a sabon ba, domin ba gem ɗaya ba ne.

Ga yadda za ku gane wanda ke hannunku. Ku juya kwalin ku duba shekarar da ke kusa da sunan Capcom a ƙasa. A tsohon, sunan gem ɗin da ƙananan haruffa aka rubuta shi, a sabon da manya. In an riga an kunna, ku ɗaga bindiga ku tura sandar hagu gaba: idan Leon ya taka, sabon ne. Mai Xbox One ya sani cewa ba a yi masa sabon ba sam, sai PS4, PS5, Xbox Series da kwamfuta ne suka samu a ranar fitowa. Sanya faifan 2016 a cikin PS5 zai yi aiki, amma ba zai mayar da shi na 2023 ba. Mai kwamfuta kuma ya duba ƙarfinta tukuna, don sabon yana neman aƙalla RAM mai giga 8 da katin hoto irin GTX 1050 Ti, yayin da tsohon ke tafiya a kan kwamfutar da ba ta kai haka ba.

In kun tambayi ra'ayinmu, wanda bai taɓa buga ko ɗaya ba ya fara da na 2023, hannunsa zai fi saurin sabawa. Wanda ya buga a PS2 yana yaro, kuma wancan ɗin yake marmari, na 2016 ne nasa, ga shi ya fi araha.

Daga wannan makon, duk tsohon gem da aka sake fitarwa za ku ga mun manna masa takarda mai ɗauke da shekarar asali, shekarar wannan bugun, da ko fot ne, rimasta ko rimek. Wanda ya riga ya sayi Resident Evil 4 a wurinmu bisa kuskure ya kawo faifan da kwalinsa, mu musanya masa, a daidaita bambancin kuɗin. Akwai PS4 a kunne a gefen kanta, kowa na iya gwada duka biyun kafin ya biya.

Mun gode da cinikinku.

Naku,
Mu da ke shago