Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Babban Sakataren Majalisar Masu Safarar Kaya ta Jiragen Ruwa ta Najeriya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka wannan wasiƙa ne a matsayina na ɗan kasuwar yadi a Kantin Kwari, Kano, kan wata takarda guda ɗaya wadda rashin saninta yake cinye mana dukiya, wato sanarwar ɓarnar kaya da doka ta ce mai kaya ya miƙa wa kamfanin jirgin ruwa a rubuce idan kayansa sun iso a lalace. Majalisarka, wadda aka kafa a 1978 don kare masu shigo da kaya da masu fitarwa, ita ce ta fi dacewa da jin wannan koke.

Zan fara da abin da ya same ni. Na yi odar kwantena mai ƙafa 40 ta shadda, dila 400, ta sauka a Apapa a tsakiyar damina. Ejan ɗina ya gama da kwastan, direban tirela ya sa hannu a takardar fita ta bakin ƙofa, wadda ake kira EIR, ba tare da an rubuta wani aibu a jikin kwantenar ba. Sai a rana ta 9 da karɓar kwantenar motar ta iso Kano. Da muka karya hatimi muka buɗe ƙofa, warin ruma ne ya fara tarar mu. Yarona ya shiga ciki, muka turo ƙofar, sai ga haske yana sauka daga wata tsaga a rufin, tsawonta bai wuce taki ɗaya ba, bakinta duk tsatsa. Dila 60 da ke ƙarƙashinta sun jiƙe, launi ya zuba. Na kira ejan a waya, ya ce zai yi magana da mutanensa, ni kuma na zauna ina jira kamar an gama komai. Wasiƙar farko ba ta isa ofishin kamfanin jirgin ba sai a rana ta 26.

Amsar da suka ba ni ita ce an karɓi kaya lafiya a Legas, ba a kawo ƙorafi cikin wa'adi ba, kuma wa ya san ko ruwan saman hanya ne ya shiga tsakanin Jebba da Mokwa. A nan na koyi abin da ya kamata a ce na sani tun kafin in biya kuɗin kaya. Najeriya ta mayar da Ƙa'idojin Hamburg na 1978, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan ɗaukar kaya ta teku, dokar ƙasa a 2005, kuma sashe na 19 nasu ya ce idan ɓarnar a fili take, sanarwa a rubuce ta isa ga kamfanin jirgi kafin ƙarshen ranar aiki da ke bin ranar da aka miƙa kayan, idan kuwa ɓoyayyiya ce, cikin kwana 15 a jere, har da Asabar da Lahadi. Tsofaffin Ƙa'idojin Hague na 1924, waɗanda kamfanoni da yawa suke ambata a ƙananan rubutun da ke bayan takardar lodi, wato takardar shaidar ɗaukar kaya da kamfanin jirgi ke bayarwa, sun fi haka tsanani: ɓarnar fili a sanar da ita lokacin ɗaukar kaya, ɓoyayyiya kuma cikin kwana 3. Ashe ranar da na buɗe kwantenata wa'adin Hague ya riga ya wuce, na Hamburg kuma saura kwana 6, na ɓatar da su a kan waya.

Akwai gaskiyar da nake so 'yan'uwana su ji daga bakin majalisarka, domin kamfanoni ba sa faɗa. Makara wajen sanarwa ba ta kashe haƙƙin neman diyya. Abin da take yi shi ne ta sa a ɗauka cewa an miƙa kayan yadda takardar lodi ta siffanta su, sai nauyin kawo hujja ya dawo kan mai kaya. Hujjar kuwa tana samuwa idan an yi sauri, domin masu binciken ɓarna suna da gwajin da ke nuna gishiri a jikin jiƙaƙƙen kaya, wanda zai bambanta ruwan teku da ruwan sama, sannan tsatsar bakin tsaga tana nuna cewa ba jiya aka yi ta ba. Ni kuwa, don gudun kuɗin jinkiri, na riga na mayar da kwantenar Legas, na shanya shaddar na sayar da ita a wulaƙance, ban bar wa mai bincike abin da zai duba ba. Kamfanin inshora ma ya ja ƙafa, yana mai nuna mini sharaɗin da ya ɗora wa mai kaya kiyaye haƙƙin da ake da shi kan kamfanin jirgi, tunda idan sun biya ni, su ne za su bi jirgin su karɓo kuɗinsu.

Abin takaicin shi ne takardar ba ta da wuya. Ba ta buƙatar lauya, ba ta kuma buƙatar a san adadin asarar. Sunan jirgi, lambar takardar lodi, lambar kwantena da ta hatimi, ranar karɓa, da bayanin irin ɓarnar a taƙaice sun wadatar, tare da cewa ana ɗora alhakin a kan kamfanin kuma ana gayyatarsa ya turo wakili a duba kayan tare. Sai a miƙa ta ga kamfanin da sunansa ke kan takardar lodi ko wakilinsa na Legas, a karɓi shaidar isarta. Faɗa wa ejan na kwastan ba sanarwa ba ce, domin shi wakilin mai kaya ne. Haka kuma sanarwar ba ta tsayar da wa'adin shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya, wanda yake shekara 2 a Hamburg, shekara 1 a Hague, kuma na ga mutumin da aka yi ta ja da wasiƙun "muna dubawa" har lokacinsa ya ƙare, bai nemi a tsawaita masa a rubuce ba.

Saboda haka roƙona na farko shi ne majalisarka ta fitar da samfurin wannan sanarwa mai shafi ɗaya, Turanci a gefe, Hausa a gefe, a ajiye shi a ofisoshinku na Arewa da hannun ƙungiyoyin kasuwa, a kuma ja hankalin ejan-ejan cewa duk kwantenar da aka ga tsaga, lotsewa ko sauyin hatimi a jikinta, a rubuta hakan a EIR kafin mota ta fita, a aika sanarwa a ranar. Mutumin Legas yana iya buɗe kayansa da yammacin ranar da ya karɓa, mu kuwa hanya ce take cinye mana wa'adi kafin mu ga abin da muka saya.

Na biyu ya shafi tashoshin tudu, wato tashoshin karɓar kwantena na nesa da teku, da majalisarka ta tsaya a kansu, ta Kaduna da aka buɗe a 2018, ta Dala a 2023, da ta Funtua a 2024. Muna neman ku bayyana a rubuce, bayan kun zauna da kamfanonin jiragen, cewa idan takardar lodi ta ambaci ɗaya daga cikinsu a matsayin wurin miƙa kaya, daga ina ake fara ƙidayar kwanakin, kuma wane ne a cikin tashar yake da ikon karɓar sanarwa a madadin kamfanin ya buga mata hatimi da kwanan wata. Muna kuma roƙon a samar da mai binciken ɓarna a kowace tasha, wanda zai halarci buɗe kwantena idan mai kaya ya nema.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan kasuwar yadi, Kantin Kwari, Kano