Sanarwa: atisayen ƙwallon raga na yara ranar Asabar

Assalamu alaikum 'yan uwa masu horaswa da iyaye. Insha Allahu atisayen 'yan ƙasa da shekara 12 zai fara ƙarfe 7 na safe, mu tashi 8:30 kafin ranar Sakkwato ta buɗe. Kowane yaro ya zo da gorar ruwansa.

Bugun farko daga ƙasa za mu fi tsayawa a kai. Mai bugu da dama ya sa ƙafar hagu gaba, ya riƙe ƙwallo a tafin hagu daidai ƙugu, ya kaɗa hannun dama daga baya, ya doki ƙasan ƙwallon da gindin tafi. Don Allah kada a bar su suna jefa ta sama sosai, nan ne ake yawan kuskure ta. Za a fara daga mita 3 da raga, wanda ya tsallakar sau biyar a jere ya ja baya taki ɗaya. In kun ga ƙwallo tana karkata gefe, ku dubi hannun, yana ratsa gaban jiki ne maimakon ya tafi miƙe.

Sai karɓa, bibbiyu. Ɗaya ya jefo a hankali, ɗaya ya tare da damatsan hannu a haɗe, gwiwa a lanƙwashe. Wanda ƙwallonsa ke wucewa bayan kansa, hannu yake kaɗawa da yawa.

Ragar za mu sassauto da ita wajen mita 2. Mai famfon iska ya taimaka ya zo da shi.