Hangen dala ba shiga birni ba: kan masu albashin kuɗin waje

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana kan wani zance da ya zama ruwan dare tun da naira ta faɗi, wato cewa duk wanda ake biya da dala ya tsallake, shi faɗuwar naira ma gaba ta kai shi. Aikina lissafin albashi ne, kuma takardun ma'aikatan da ake biya da kuɗin waje sun sha bi ta hannuna. Abin da na gani shi ne, rubuta albashi da dala bai isa ya nuna abin da mutum ke samu ba. Sai an san da wane farashi aka canza masa, a wace rana, da kuma inda kasuwa ta kwana a wannan watan.

Bari mu ɗauki ma'aikata biyu a farkon 2023, kowanne takardar ɗaukarsa aiki ta ce dala 500 a wata. Na farko dalarsa ake zuba masa a asusun ajiyar dala, ya cira ya kai Wapa a Kano ko wajen 'yan canjin Abuja, inda a lokacin ake sayenta wajen naira 750. Yana tashi da kimanin naira 375,000. Na biyu kuwa, ma'aikatarsa ce ke canzawa da farashin gwamnati, wajen naira 460, ta turo masa naira 230,000. Aiki ɗaya, takarda iri ɗaya, amma tazarar naira 145,000 ce tsakaninsu duk wata. Kuma a unguwa duka biyun "mai cin dala" ake kiransu, duka biyun ake kai wa kokon bara daidai wa daida.

Sai ga watan Yunin 2023, Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canji wuri guda, ya sakar wa kasuwa linzami. Cikin 'yan kwanaki farashin gwamnati ya tashi ya cimma na bayan fage. Na biyun nan albashinsa ya haura zuwa kusan na ɗan'uwansa ba tare da an ƙara masa ko sisi ba. Na farkon fa? A wannan watan kusan bai ga wani ƙari ba, domin dama can da farashin bayan fage yake canzawa. Ga shi kuma a ƙarshen watan Mayu an cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin mota da na cefane suka bi ta. Wato shi wanda ake ganin ya fi kowa morewa, a wannan lokacin baya ya ci.

Inda na fi so masu karatu su tsaya shi ne farkon 2024. A watan Fabrairu dala ta haura naira 1,800 a bayan fage, dala 500 ta zama naira 900,000. Zuwa tsakiyar Afrilu ta sauko wajen 1,100, dala 500 ɗin ta koma naira 550,000. Naira 350,000 ta zube daga albashin mutum cikin wata biyu, ba a rage masa matsayi ba, bai yi fashin aiki ba. Wanda ya ɗauki alat ɗin Fabrairu a matsayin albashinsa na din-din-din, ya kama haya mai tsada, ya sauya wa yara makaranta, ya shiga adashin dubu ɗari biyu, shi ne ya kwana ciki. Mai gida ba ya rage haya don dala ta sauko, uwar adashi ma ba ta san da wannan zance ba.

Kasuwa ma haka take. In dala ta hau da safe, kafin la'asar mai shago ya ƙara kuɗi, ya ce da sabon farashi zai saro. In ta sauko, sai ya ce tsohon kaya ne, da tsada ya saye shi. Ban cika ganin laifinsa ba, shi ma jarinsa yake karewa, amma sakamakon shi ne mai albashin dala yana cin ribar hawa na ɗan lokaci, farashi ya biyo shi ya cimma shi, in dala ta sauko kuma farashin ya bar shi a ƙasa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. A 2025 dala ta shafe watanni tana kai-komo a wajen naira 1,500, kuɗin haya da na makaranta kuwa ba su tsaya jiranta ba. Duk watan da dala ta tsaya cik alhali kaya suna hawa, mai dala 500 raguwa yake yi kamar kowa.

Kada a ce na zo in yi wa masu dala kuka. Mai albashin naira tsantsa ya fi su jin jiki nesa ba kusa ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 da aka sa a 2019 ya haura dala 80 a lokacin, na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 kuwa bai kai dala 50 ba. An ninka lamba fiye da sau biyu, ƙarfinta ya ragu.

'Yan'uwanmu da ke aiki a Saudiyya su ma lissafin dala ne ya hau kansu, tunda riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a kowace ɗaya. Sannan tun farkon 2024 Babban Banki ya umarci kamfanonin aiko da kuɗi daga waje su riƙa biyan mai karɓa da naira, don haka farashin da kamfanin ya sa a ranar shi ne abin da iyali za su gani a gida.

Ga wanda ake shirin ɗauka aiki da sunan dala, kafin ya sa hannu ya tambaya: dalar za a ba ni a hannu, ko naira daidai da ita? In naira ce, da farashin wa, kuma na wace rana, ranar da aka shirya takardar albashi ko ranar da kuɗin ya fita? Na taɓa ganin wata ma'aikata da ke tsayar da farashi guda a farkon shekara ta riƙa biya da shi har Disamba, dala ta yi ta hawa, bambancin yana kwana a asusunta. Ya kuma tambaya wa zai ɗauki cajin banki, domin dala 20 da aka yanke a hanya daga cikin 500 kashi huɗu ne cikin ɗari. Bayan haka ya gina hidimarsa ta wata-wata a kan farashi mafi ƙanƙanta da ya gani a watanni shidan baya, abin da ya hau kai ya zama ajiya.

Ku ma ina da ƙorafi a kanku, Edita. Kuna buga "farashin dala a yau" da lamba guda, ba ku faɗin ta banki ce ko ta 'yan canji, ba ku kuma raba farashin saye da na sayarwa. Mai albashi sayarwa yake yi, kuma abin da ɗan canji zai ba shi kullum yana ƙasa da wanda zai sayar wa mai tafiya Umara. Don Allah ku riƙa buga lambobin biyu, ku faɗi kasuwar da kuka ɗauko su da ranar da kuka ɗauka.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani akawu daga Kano