Sanarwa ga ƴan rukunin masu sana'a a intanet na Jos

Jama'a, ba kowace matsala ce rufe asusu ba. Mu ɗauki Instagram.

Idan aka ce ku tabbatar da lambar waya ko imel kafin ku shiga, kulle ne na wucin gadi. Yawanci shiga daga sabuwar waya ko wani gari ke jawo shi. Ku sa lambar da aka turo, ku canza kalmar sirri, shi ke nan.

Idan kuna shiga amma an hana ku sharhi ko bin mutane, takunkumi ne a kan abu ɗaya. Ku dakata, domin yawan gwadawa na iya tsawaita shi.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne rage isar saƙo. Komai na aiki, amma mai sayar da atamfa a kasuwar Terminus sai ta ga tsofaffin mabiyanta kaɗai ke ganin kayanta, baƙi sun ɗauke ƙafa. Ta duba Account Status, wato sashen da ke nuna matsayin asusu a Instagram: nan za ta ga ko an daina nuna ta ga waɗanda ba sa bin ta, da abin da ya jawo. Ta goge shi ko ta nemi a sake dubawa.

Rufewar dindindin kuwa, asusun ɓacewa yake yi, ɗaukaka ƙara kaɗai ta rage. Duk wanda ya ce ku biya shi ya buɗe muku, ku yi hattara da shi.