Wasiƙa ga Iyaye: Zazzaɓi da Ƙarancin Ruwa a Jikin Yara

Assalamu alaikum iyayen yara da masu riƙonsu. Da fatan kuna lafiya, ya kuma haƙuri da wannan zafi na Kano da ya sako mu a gaba.

A makon jiya wata ɗalibarmu 'yar aji biyu ta kifa kai a kan benci, jikinta rau da zazzaɓi. Da malamarsu ta duba ta, leɓɓanta sun bushe har sun tsage, tana kuka amma babu hawaye. Aka tambaye ta yaushe rabonta da fitsari, ta ce tun asuba, ga shi ana kiran azahar. Mahaifiyarta ta ba ta farasitamol kafin ta fito, abin da ya kuɓuce mata shi ne ruwa. Ba laifinta muke gani ba, yawancinmu haka muke yi.

Zazzaɓi yana zuƙe ruwan jiki ta gumi da saurin numfashi, kuma a daidai lokacin ne yaro yake ƙin ci da sha. Yaro mai kilo 20, kamar wannan yarinya, yana buƙatar kusan lita ɗaya da rabi a rana ko lafiyarsa ƙalau, wato ledar fiya wata uku, in an haɗa da kunu, koko da romo. Da zazzaɓi sai an ƙara a kan haka. Kada a jira ya ce yana jin ƙishirwa. A ajiye kofi kusa da shi, a riƙa ba shi kurɓi biyu uku a kai a kai. Ma'aunin da ya fi sauƙi a gida shi ne fitsari: in yana fita da yawa, launinsa fari-fari, ruwa ya wadatar. In ya ragu ya yi ja kamar shayi, a ƙara himma.

In amai ko gudawa suka haɗu da zazzaɓin, ruwa zalla ba zai isa ba, domin gishirin jiki ma yana zubewa. Nan ne ake buƙatar ruwan gishiri da sukari, wanda ake sayarwa a kemis da ORS a rubuce a jikin ledar. A duba adadin ruwan da aka rubuta, yawanci lita ɗaya ne, fiya wata biyu ke nan. A juye garin gaba ɗaya, kada a raba shi da ido, abin da ya rage bayan awa 24 kuma a zubar. In dare ya yi babu kemis, a haɗa a gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye, don gishiri in ya yi yawa illa yake yi wa yaro. Lemon kwalba kuwa a ajiye shi gefe, zaƙinsa yana ƙara gudawa.

Bayan kowace gudawa, ɗan shekara 2 zuwa 10 ya sha mililita 100 zuwa 200, rabin kofin shayi zuwa cikakke. Ƙaninsa da bai kai shekara 2 ba ya sha rabin wannan da cokali, kuma a ci gaba da ba shi nono. In ya amayar, a dakata minti 10 a sake farawa a hankali, cokali ɗaya duk bayan minti biyu. Haka malamar ta zauna da yarinyar nan tana ɗura mata kaɗan kaɗan, kafin mahaifinta ya iso ya kai ta gwajin maleriya ta nemi a raka ta bayan gida.

Akwai lokacin da zaman gida ya ƙare. In idanu sun faɗa, ko yaro ya yi awa 8 babu fitsari, ko an ɗan tsunkuli fatar cikinsa ta fi daƙiƙa 2 ba ta koma ba, ruwa ya yi ƙasa sosai. In ya galabaita ana tashinsa da ƙyar, ko ya kasa haɗiya, ko duk abin da ya sha sai ya dawo, ko ya yi jijjiga, ko hannuwa da ƙafafu sun yi sanyi, a ɗauke shi nan take, ko tsakar dare ne, zuwa Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ko Asibitin Murtala, ko mafi kusa da ku. Wataƙila ƙarin ruwa yake buƙata. A tafi da kofin, a riƙa ba shi a hanya in yana iya haɗiya. Ga jariri, faɗawar maɗiga alama ce ta ƙarancin ruwa, asibiti za a nufa, kada a tsaya shafa magani a ka.

Ruwan gishiri da sukari ba ya kashe ƙwayar maleriya, saboda haka duk zazzaɓi a yi gwaji cikin kwana ɗaya.

Muna roƙon kowane yaro ya zo da gorar ruwansa a cike. Wanda ya kwana da zazzaɓi ya huta a gida, a aiko wa malamin ajinsu saƙo. Allah Ya raya mana su.

Wassalam,
Shugabar Makaranta