Zuwa ga Malamar da Ta Yi Tambaya kan Lamba ta 17

"Muna da jarrabawar lissafi mai tambayoyi 40. Ta 17 ta ce: 'Wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ci wasa 6, ta yi canjaras 3, an ci ta a 1. Maki nawa ta tara?' Maza 62 cikin 100 sun ci ta, mata kuwa 45. Shin wannan ya isa hujjar cewa an tauye mata? Mu soke ta?"

Malama, ina gaisuwa.

Ni ma ina zargin wannan tambaya, amma ba don alƙaluman da kika kawo ba. Ratar da ke tsakanin 62 da 45 ita kaɗai ba ta tabbatar da komai. Idan a jarrabawar gaba ɗaya maza sun ɗara mata, to kusan kowace tambaya za ta nuna irin wannan rata, har wadda babu aibi a cikinta. Wataƙila wani aji ya rasa malami tsawon zango, wataƙila matan sun fi yawan fashi. Wannan ma matsala ce, amma ba ta mai tsara tambaya ba ce, kuma soke lamba ta 17 ba zai warkar da ita ba.

Abin da za ki bincika ya fi haka ƙunci: idan aka ɗauki yaro da yarinya waɗanda ƙarfinsu a lissafi ɗaya ne, shin damarsu ta cin wannan tambaya ɗaya ce? Masu aikin awon jarrabawa suna kiran bambancin da ya rage bayan an daidaita ƙarfi DIF, kuma za ki iya gano shi da takardar maki kawai.

Ki raba ɗalibai gida-gida bisa jimillar makinsu: masu 0 zuwa 15, masu 16 zuwa 25, masu 26 zuwa 40. In suna da yawa, ki ƙara tsuke gidajen, don mai maki 16 da mai 25 ba tsaran juna ba ne. A kowane gida ki ƙirga maza nawa suka ci lamba ta 17, mata nawa suka ci. Mu ƙaddara a gidan tsakiya akwai maza 100 da mata 100. In kika tarar maza 54 sun ci, mata 52, sauran gidajen ma haka, to tambayar ta kuɓuta. Ratar farko ta samo asali ne daga yadda ɗaliban suka bazu a gidajen. In kuwa maza 60 ne suka ci, mata 40, alhali duk makinsu ya yi kusa da juna, lallai akwai abin da ke aiki a wurin wanda ba lissafi ba.

Ana iya auna girman abin. A wajen maza, 60 sun ci 40 sun faɗi, rabon ya zama 1.5. A wajen mata, 40 sun ci 60 sun faɗi, wato kusan 0.67. Raba na farko da na biyu, ki sami 2.25. Hanyar Mantel da Haenszel, wadda aka ƙirƙira a 1959 don binciken cututtuka kafin Holland da Thayer su kawo ta fagen jarrabawa, tana haɗa wannan rabo na dukkan gidaje ya zama lamba ɗaya. Hukumar shirya jarrabawa ta ETS a Amurka tana mayar da lambar kan wani ma'auni:

```
MH D-DIF = -2.35 × ln(α)
```

Idan 2.25 ne rabon da aka haɗa, wato α, sakamakon zai zama kusan 1.9, da alamar ragi da ke nuna matan ne abin ya danne. A tsarinsu, abin da bai kai 1 ba ba a damuwa da shi, wanda ya kai 1.5 ko ya wuce, kuma aka tabbatar ba katari ba ne, shi ne aji C, mafi tsanani. Kin ga 1.9 ta shiga ciki sosai.

Duk da haka alƙaluma nuni kawai suke yi, ba su faɗin dalili. Dalili sai an koma an karanta tambayar, kuma a nan taki take da sauƙin kamawa. Amsar da ake nema 21 ce: maki 3 sau 6, da maki 1 sau 3. To ina aka gaya wa ɗalibi cewa nasara maki 3 ce, canjaras maki 1? Babu. Wanda ya tsara ta ya ɗauka kowa ya sani, don shi ya sani. Ga yaron da ke bin teburin gasa kowane mako, wannan ninkawa ce ta aji uku. Ga wanda bai damu da ƙwallo ba, tambaya ce da ba ta da amsa, komai ƙwarewarsa. Ki duba amsoshin da aka yi kuskure a kansu. In da yawa sun rubuta 9, sun haɗa 6 da 3 ke nan don ba su san ana ninkawa ba. In sun rubuta 15, sun yi hasashen nasara maki 2 ce, lissafinsu kuma daidai yake a kan wannan hasashe. Ki kira ɗalibai biyar ko shida su warware ta a gabanki suna faɗin abin da ke ransu. Nan take za ki ji inda suke cijewa.

Ki lura ban ce mata ba su san ƙwallo ba. Akwai waɗanda suka fi ni sani, akwai kuma maza da tambayar ta kayar saboda dalili ɗaya da matan. Shi ya sa ba na yarda da kwamitin da zai zauna ya soke duk tambayar da ta ambaci wasa ko girki don kawai ya zaci ta ɗaya jinsin ce. Sau da yawa tambayar da kwamiti ya zarga sai alƙaluma su wanke ta, wadda ya wuce ba tare da ya tsaya ba ita ce mai matsalar. Ambaton ƙwallo ba laifi ba ne. Laifin shi ne amsa ta rataya a kan sanin da ba ya cikin manhaja kuma ba a bayar a takarda ba. Da wannan ma'auni za ki duba ɓangaren al'ada da harshe ma. Tsohuwar jarrabawar SAT ta Amurka ta taɓa ɗaukar tambayar da sai ka san sunan gasar tseren kwale-kwale irin ta masu hali za ka amsa, kuma har yau ana kafa misali da ita.

Akwai kuma tambayar da za ta nuna DIF amma ba za a taɓa ta ba. In tana auna abin da ke cikin manhaja tsantsa, kamar kusurwoyin alwatika, kuma kin karanta ba ki ga wani baƙon sani a ciki ba, soke ta ɓoye giɓin koyarwa ne kawai.

Hanyar tana da iyaka. Tana son ɗalibai ɗaruruwa a kowane ɓangare. Da aji ɗaya mai mutum 40, yara uku sun isa su juya sakamakon, don haka karatu da sauraron ɗalibai ne madogararki. Sannan jimillar makin da kika daidaita su da ita tana ɗauke da tambayoyin da ake zargi. Ki cire sauran da suka faɗa aji C, ki sake jimilla, ki maimaita ƙirgar. In kuwa takardar duka ta karkata gefe ɗaya daidai wa daida, wannan lissafi ba zai gani ba sam.

Game da ta 17, ba sai kin jira alƙaluma ba, tunda bayanin da ake buƙata babu shi. A wannan zangon ki cire ta ga kowa, maza da mata, a yi makin a kan 39. Kada a ƙara wa mata maki su kaɗai. A bankin tambayoyi kuma ki bar ta, ki ƙara mata jimla ɗaya: "Nasara maki 3 ce, canjaras maki 1, faɗuwa babu maki." Idan aka sake amfani da ita, ki maimaita ƙirgar gida-gida ki ga ko ratar ta rufe.

Wassalam.